Mega 100 sun isa espoze: abin da na gaya wa ƴan lakwal



Duk mai ɗa ko ɗiya a kolej ko lise ya san wagga magana: “Baba, a ba ni kuɗin forfe, mushe ya ba mu bincike.” Uba ya lalubi aljihu ya ba da dala arba'in ko dala ɗari, wani lokaci daga cikin kuɗin cefane. Kafin magariba mega sun ƙare, aiki bai samu ba, yaro ya dawo yana cewa rezo ne ba kyau. Ni ina riƙe da shagon fotokofi da buga takardu kusa da wata lise, shekara da shekaru, kuma kusan duk espozen da yaran unguwarmu za su kai aji sai ya bi ta hannuna. Don haka da hukumar wata lakwal ta neme ni in yi wa ƴan ajin BEPC da na bak magana kan neman abu a intanet da ƴan mega kaɗan, ban ƙi ba. Ga abin da na faɗa musu, na rubuto shi don iyaye da sauran yaran da ba su wurin.

Na ce musu: ƙannena, forfe kamar kuɗin cefane yake. In inna ta aike ka kasuwa da dala ɗari, tun daga gida ka san albasa za ka saya da daddawa da gishiri. Wanda ya shiga kasuwa bai san abin da ya kawo shi ba, mai tsire zai kira shi, mai lemu ya kira shi, ya koma gida da leda wayam. Yawancinku haka kuke shiga intanet. Kuna kunna koneksiyon tukuna, sannan ku fara tunanin mi za ku nema, alhali tun daga lokacin da kuka kunna ake cirar muku.

Abu na farko, ku san farashin kaya. A wayar da aka saita da Faransanci za ku ga Ko, Mo da Go. Mo shi ne megan da muke faɗi. Ko wajen 1000 ke yin Mo 1, Mo wajen 1000 ke yin Go 1, wato jiga. To rubutu tsantsa shi ne kaya mafi araha a wagga kasuwa. Mega 1 yana ɗaukar haruffa kusan miliyan guda. Shafin kaye da kuka cika da hannu bai wuce haruffa 1000 zuwa 1500. Ke nan mega 1 tak zai ɗauki abin da ke cikin kaye mai shafi 100 har guda bakwai. Hoto ya fi rubutu tsada nesa. Bidiyo kuwa shi ne naman kasuwa. A YouTube, in an sa shi kan 360p, minti guda na cin wajen mega 4 ko 5. In ya hau 720p, ku ninka sau uku ko fiye. Bidiyon minti goma na wani mushe yana bayanin darasi zai iya cinye rabin forfen mega 100, kuma abin da ya faɗa a minti goman nan, in an rubuta shi, bai cika shafi uku ba.

Ban ce kar ku kalli bidiyo ba sam. Akwai abin da sai ido ya gani, kamar yadda ake zana wani abu a lissafi da kwamfa da rula, ko gwajin kimiyya da lakwal ɗinku ba ta da kayansa. In ya zama dole, ku latsa ƴar alamar saiti ta bidiyon ku rage shi zuwa 240p, ko 144p in muryar kawai kuke so. In kun ga ba ku iya karanta abin da mai bayani ke rubutawa a allo, sai ku ƙara mataki guda. Amma tarihi, labarin ƙasa, ma'anar kalma, ranar da aka yi abu, duk waɗannan rubutu ya ishe su.

Abu na biyu, ku toshe tulu kafin ku ɗebo ruwa. Da yawa cikin megan da kuke kuka a kai ba ku ne kuka kashe su ba, waya ce ta sha su a ɓoye. Da zarar kun kunna koneksiyon, WhatsApp na iya fara sauko da duk bidiyon biki da wa'azi da barkwanci da aka zuba a gurup ɗin dangi tun shekaranjiya. Play Store kuma na iya kama sabunta manhajoji, ɗaya kaɗai na iya cin mega 30 ko 50. Kai kana can kana rubuta tambayarka, rabin kuɗin baba ya riga ya tafi. Alamar da za ka gane haka ke faruwa ita ce, ƴan kibiyoyin nan biyu na saman waya suna ta ƙyalli alhali ba ka taɓa komi ba, kuma shafin da ka buɗe yana ta jan ƙafa ko da rezo ya cika.

Maganin wuri uku ne, kuma sau ɗaya ake yi. Cikin WhatsApp ku shiga Paramètres, ku shiga Stockage et données, a ƙarƙashin Téléchargement automatique des médias ku cire komi, kar hoto ko bidiyo ya sauko sai kun latsa da hannunku. Cikin Play Store ku hana sabuntawa da kanta. Cikin saitin wayar kanta ku kunna Économiseur de données, shi ke hana manhajoji shan mega a bayan fage. Sunayen kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma duk Android na da su. A nan cikin saitin akwai kuma wurin da ke nuna mega nawa kowace manhaja ta ci. Ku duba shi kafin ku fara aiki, ku sake dubawa in kun gama. Sau biyu ko uku za ku yi haka ku san ɓarawon wayarku da sunansa. Wadda ke aron wayar inna ko ta yaya, ta nemi izini kafin ta canza saiti, ta kuma yi musu bayani, don kar gobe a ce ta lalata waya hotuna sun daina shigowa.

Daga nan na ce musu mu yi aiki na gaske, don gani ya kori ji. Na ɗauki batun da aka fi kawo mini bugawa: mushe ya ce ku yi espoze kan Sarauniya Mangu. Ku biyar ne a rukuni, kun haɗa kuɗi kun sayi forfe, mu ce na mega 100, kuma gobe da yamma zai mutu ko kun yi amfani da shi ko ba ku yi ba.

Kar ku taɓa waya tukuna. Ku ɗauko kaye da bik ku rubuta abin da kuke son sani, tambaya-tambaya. Wace ce ita? A ina ta zauna? Da wa ta yi yaƙi, a wace shekara? Mi ya faru bayan yaƙin? Daga ina labarinta ya iso gare mu? Tambaya biyar ke nan. Sannan ku buɗe littafinku na tarihi da darasin da mushe ya ba ku, ku soke duk wadda amsarta ke ciki. Abin da ke cikin jakarku kyauta ne, ba a sayensa sau biyu. Abin da ya saura shi za ku je nema.

Yanzu sai zaɓen kalmomi, kuma nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. In ka rubuta kalmar Sarauniya kawai, yadda muke rubuta ta da Hausa, Google bai san wace sarauniya kake nufi ba. Zai kawo maka ta Ingila, ya kawo maka Amina ta Zazzau, ya kawo waƙoƙi da fina-finan Hausa, kai kuma ka yi ta latsawa kana dawowa, kowace latsa da kuɗinta. Dalili shi ne, yawancin abin da aka rubuta a kanta da Faransanci aka rubuta, kuma su da wani rubutu daban suke rubuta sunan. Dole ka nemi abu da kalmomin da wanda ya rubuta amsar ya yi amfani da su. Sai ka haɗa suna, da wuri, da shekara in ka san ta:

```
Sarraounia Mangou Lougou 1899
```

Kalma huɗu ke nan, ba gaisuwa, ba “don Allah ina son in sani”. In ka tsaya a kalmar farko kaɗai, har gidan rediyo da telebijin mai wannan suna da ke Yamai zai shigo maka. Lugu da 1899 su ne suka kore sauran duka.

Shafin sakamako ya fito. Nan ma ku riƙe yatsa. Shafin nan kun riga kun biya kuɗinsa, to ku karanta shi tun daga sama har ƙasa. Ƙarƙashin kowane kanu akwai layi biyu ko uku da aka tsakuro daga cikin shafin, sama da shi kuma akwai adireshin inda ya fito. Sau da yawa shekarar da kake nema ko sunan garin yana nan cikin layukan, ba sai ka shiga ba. Wanda aka rubuta wa Sponsorisé talla ce, wani ya biya aka sa shi gaba, ku wuce shi. Wanda ke da hoton bidiyo ku wuce shi. Ku zaɓi biyu, in ya yi yawa uku, waɗanda za ku buɗe. Shafukan labarai masu cike da talla da hotuna kan ci mega 2, 3 ko fiye kowane ɗaya, wasu ma bidiyo ke tashi da kansa a gefe. In ka ga shafi yana ta tsalle, tagogi na buɗewa, fita maza. Shafin Wikipedia ya fi su sauƙi sosai domin ba talla a ciki, shi ya sa nake cewa ku fara da shi.

Kun buɗe shi. Kafin ku karanta ko layi guda, ku latsa ɗigo ukun nan na saman Chrome, ku latsa kibiyar da ke kallon ƙasa. Shafin ya sauka cikin waya ke nan, za ku same shi a Téléchargements ko babu koneksiyon. Ku yi wa na biyu haka, wanda ke magana kan ayarin sojan da ta yi yaƙi da shi, a neme shi da Mission Voulet-Chanoine. Sannan ku kashe koneksiyon. Karatu ba ya bukatar rezo. Mai karatu da koneksiyon a kunne kamar mai alwala ne da ya bar famfo a buɗe ya tafi salla, ga kuma saƙon abokai da zai shigo ya ɗauke masa hankali. In shafin ya yi tsawo, a cikin ɗigo ukun nan akwai Rechercher sur la page. Ka rubuta Lougou, ya kai ka daidai inda kalmar take, kuma wannan bai cin ko kilo ɗaya.

To mi za ku samu? Za ku samu cewa Sarauniya Mangu shugabar Azna ce a Lugu, cikin yankin Dogon Dutsi a jihar Doso. A watan Afrilu na 1899 ta yi yaƙi da ayarin sojan Faransa da kaftin Voulet da kaftin Chanoine ke jagoranta, ayarin da ya yi ta ƙone garuruwa yana kashe mutane a kan hanyarsa ta zuwa tafkin Cadi. Bayan Lugu sun yi mummunar ɓarna a Birnin Ƙwanni. A watan Yuli na wannan shekarar, a ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, kuma cikin ƴan kwanaki sojojinsu suka kashe su su biyun. Na ce wa yaran, ku dubi nan, labarin da kuke nema a waya ya bi ta ƙasarmu, kaburburan mutanen nan biyu suna Maijirgi. Wataƙila wani cikinku kakansa ya san abin da ba a rubuta ba, kuma tambayar kaka ba ta cin mega.

Sai tambaya ta biyar, wadda ita ce ke raba espoze mai maki da na haddar aku: daga ina labarin ya zo? A nan za ku ga cewa Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi mai suna Sarraounia a 1980, kuma Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Littafin nan ƙagaggen labari ne da aka gina kan tarihi. Marubuci yana da damar sa wa mutane magana a baki, ya ƙara abin da zai sa labari ya yi daɗi. Shafuka da yawa a intanet sun kwashe abin da ke cikin littafin da fim ɗin sun zuba shi kamar shaidar wanda ya gani da ido. Yadda za ka gane su: za ka ga dogon jawabi an ce ita ta yi shi kalma da kalma, ba a faɗi wanda ya ji ba, ba a faɗi inda aka samo ba. Za ka ga hoton wata mace da kayan yaƙi an ce ita ce, alhali ƴar wasan fim ɗin ce. In za ka sa irin wannan a espoze, ka ce “a cikin littafin Mamani” ko “a cikin fim”. Mushen tarihi na gane wanda ya san bambancin.

Wata ɗiya ƴar ajin bak ta ɗaga hannu ta ce, “Yaya, to ai mushenmu ya ce kar mu yarda da Wikipedia, kowa na iya rubutu a ciki.” Na ce mata, ƙanwata, mushe ya yi gaskiya, kowa na iya gyara shi. Shi ya sa ake fara tafiya daga can amma ba a kwana can. Wikipedia zai ba ki sunaye da shekaru da rubutunsu daidai, waɗanda da su za ki yi nema na biyu. Duk abin da za ki tsaya gaban aji ki faɗa, musamman shekara da adadi, ki gan shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. In kin ga shafi biyu da jimla iri ɗaya sak, har waƙafi, to shaida ɗaya ce ta sa riga biyu. Littafin aji ma shaida ne, kuma shi an tantance shi.

Don neman shaida ta biyu mai nauyi, akwai ƴar dabara. Malaman jami'a da hukumomi sun fi sa aikinsu a takardar PDF. Sai ka ce wa Google ita kaɗai kake so:

```
Sarraounia Lougou histoire filetype:pdf
```

Ba a barin fili tsakanin filetype, da ɗigo biyun, da pdf. Amma a nan akwai rami. PDF na rubutu mai shafi 15 ko 20 sau da yawa bai kai mega 1 ko 2 ba. Littafin da aka ɗauki hoton shafukansa ɗaya bayan ɗaya kuwa yana iya kai mega 40 ko fiye. In ya fara sauka, waya na nuna girmansa a sama. Ka duba. In ya fi ƙarfin forfenka, tsayar da shi tun bai yi nisa ba, domin takardar da ta yanke a rabi ba ta buɗewa, megan kuma ba su dawowa. Sannan ka dubi ƙarshen sunan abin da ke sauka. Takarda na ƙarewa da .pdf. In ka latsa wani babban koren maɓalli mai Télécharger ka ga abin na ƙarewa da .apk, wannan manhaja ce ake son cusa wa wayarka. Ka soke shi, ka goge.

Mu yi lissafi. Nema uku ko huɗu, shafi biyu na Wikipedia, ƙaramar PDF guda, da wani shafi ɗaya na ƙari: in kun toshe tulu tun farko, da wuya duka su wuce mega 15 zuwa 20. Saura 80. Kuma ba sai ku biyar kowa ya sauko da nasa ba. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa sauran PDF ɗin da hotunan fuskar waya ta Bluetooth, wanda bai cin mega ko kaɗan. Rukunin da ya shiga ba shiri kuwa, WhatsApp ya sha 30, sabuntawa ta sha 40, suka buɗe bidiyo guda, minti shida sai ga saƙo forfe ya ƙare. Kuɗi ɗaya suka kashe da ku.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu ƴan Nijar musamman, ita ce sunan ƙasarmu. Ka rubuta Niger, a kawo maka Najeriya, ko jihar Neja ta can mai hedikwata a Minna, ko kogin, ko yankin man fetur na bakin teku. Na sha ganin espoze kan noman ƙasarmu da adadin wata ƙasa a ciki, yaro bai lura ba. Ana iya korar kalma da alamar ragi a manne da ita:

```
agriculture Niger -Nigeria
```

Sai dai dabarar na da iyaka. Za ta kore duk shafin da ya ambaci Najeriya ko sau ɗaya, har da masu kyau, kuma ai da wuya a yi maganar kasuwar Maraɗi ba a ambaci maƙwabta ba. Abin da ya fi shi ne ka yi nema da Faransanci, ka ƙara sunan wuri namu, Maradi, Zinder, Tahoua ko Niamey, yadda ake rubuta su a takardun hukuma. Kuma ka sa ido kan alamu: in ka ga kuɗi da naira, ko sunan gwamnan jiha da ba ka taɓa ji ba, ka tsallaka iyaka ba ka sani ba.

Na ƙarshe da na ja musu kunne a kai shi ne shekarun shafi. Intanet ba ya share tsohon abu, na jiya da na shekara ashirin suna zaune gefe da gefe. Ƙidayar 2001 ta samu mutanen Nijar wajen miliyan 11, ta 2012 ta samu sama da miliyan 17. Dukansu gaskiya ne a lokacinsu. Yaron da ya rubuta “mutanen Nijar miliyan 11 ne” bai yi ƙarya da gangan ba, tsohon shafi ya kwafa. Haka taken ƙasa: an canza shi a 2023, amma shafuka da yawa har yanzu tsohon suke nunawa. Don haka duk adadin da za ku ɗauka, ku ɗauke shi da shekararsa, ku rubuta su tare. Adadin da ba shekara a gefensa ku bar shi inda kuka gan shi. In adadin jama'a ko na noma kuke so, ku nufi hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, kai tsaye:

```
population Maradi site:stat-niger.org
```

Kalmar site: na tsare neman a cikin gida ɗaya, ba ya fita waje.

Wani yaro daga baya ya ce, “Yaya, ana turo mana wani abu a gurup, wai in ka tura wa mutum ashirin za a ba ka jiga 50 kyauta. Gaskiya ne?” Aji ya fashe da dariya, alamar kowa ya taɓa gani. Na ce masa, ƙanena, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin waya in zai yi kyauta, ta saƙonsa zai gaya maka, kuma ba ya cewa ka tura wa kowa. Shafin nan zai sa ka amsa tambayoyi, ya nuna maka talla, ya nemi lambarka, ƙarshe ƴan megan da kake da su ma su tafi. Mafi muni shi ne wanda zai ce ka rubuto lambobi shida da aka aiko maka ta saƙo. Lambobin nan makullin WhatsApp ɗinka ne. Ka ba da su, an ƙwace shi, a shiga roƙon kuɗi wurin danginka da sunanka. In wayar inna ce a hannunka, ita za a yi wa.

Ga iyaye kuma ina da roƙo guda. In yaro ya zo neman kuɗin forfe don bincike, kar a hana shi, kar kuma a miƙa ido rufe. A ce ya kawo kaye ya nuna tambayoyin da zai nema. Ko ba ka yi lakwal ba, ka sa ya karanta maka su, ya fassara. In ya gama, ya zo ya gaya maka amsar da ya samu da bakinsa. Wanda ya rubuta tambaya biyar kafin ya kunna waya, dala arba'in za ta ishe shi har da saura. Malamai su ma za su taimaka ƙwarai in suna rubuta wa yara kalmomin nema a allo tare da batun espoze, da rubutun sunaye daidai, domin harafi ɗaya da ya kuskure yana iya cin rabin forfen ɗan talaka.

Allah ya ba yaranmu sa'ar BEPC da bak, ya sa albarka a ɗan abin da iyaye ke fitarwa. Amin.